Man Sitiyari: Wace Mota Ke Shan Wanne, Wace Ce Ba Ta Sha Sam

Sitiyarin da direbobi da makanikai ke kira fawa iri uku ne, kuma sai an san wanda ke cikin mota kafin a yi maganar man da za a zuba mata. Na farko yana aiki da mai, injin motar ne ke juya famfonsa da bel. Na biyu na lantarki ne zalla, ba shi da famfo, ba shi da tiyo, ba shi da ma wurin zuba mai. Na uku yana tsakaninsu: da mai yake aiki, amma ƙaramin injin lantarki ne ke juya famfon. Wannan na ukun ne ke jawo yawancin ruɗani, domin shi ma ana ce masa na lantarki a gareji, alhali idan mansa ya ƙare sitiyari zai yi tauri kamar yadda na farkon ke yi.

Sitiyari mai aiki da mai ya daɗe. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara sayar da motar hawa mai shi a 1951, kuma shekaru da dama ba a san wani iri ba. Na lantarki ya fara fitowa a Japan a 1988, a wata ƙaramar mota ta Suzuki mai suna Cervo, kuma yanzu shi ne a kusan duk sabuwar ƙaramar mota. Amma motocin da suka cika titunan Kano, Kaduna da Maraɗi yawancinsu na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, masu shekara goma zuwa ashirin da ɗoriya. Wannan shi ne daidai lokacin da kamfanoni ke sauyawa daga wani iri zuwa wani, shi ya sa ake samun iri ukun a gareji ɗaya a rana ɗaya.

Sunan mota da shekararta ma ba su isa shaida ba. Corolla ta 2005 da aka shigo da ita daga Amurka tana da famfo da kofin mai, yayin da Corolla ta wannan shekarar da aka ƙera a Turai tana da sitiyarin lantarki. Daga 2009 ne ta Amurkar ta koma lantarki. Camry ta ci gaba da aiki da mai har 2011, ban da samfurinta mai haɗa fetur da batir, sai ta 2012 ta bar shi. Accord ta bar shi a 2013. Hanya mafi tabbas ita ce a buɗe bonet a duba. Idan akwai kofi mai hoton sitiyari a murfinsa, kuma tiyonsa ya nufi wani famfo da bel ke juyawa, iri na farko ne. Idan akwai kofin amma tiyon ya gangara ƙasa zuwa wani ƙunshi mai wayoyi masu kauri, sau da yawa a bayan fitila ko bayan bamba, iri na uku ne. Idan babu kofin sam, na lantarki ne.

Abin da mai ke yi a ciki

A sitiyari mai aiki da mai, famfo yana zuƙo mai daga kofi ya tura shi ta tiyo mai ƙarfi zuwa rak, wato dogon ƙarfen da ke kwance tsakanin tayoyin gaba yana tura su hagu da dama. A inda sandar sitiyari ta haɗu da rak akwai bawul, a cikinsa kuma akwai wani siririn ƙarfe da ke ɗan murɗewa idan direba ya juya sitiyari. Muddin mota na tafiya miƙe, man yana wucewa ta bawul ɗin ya koma kofi ba tare da wani matsi ba. Da zarar an juya, ƙarfen ya murɗe, bawul ya karkata man zuwa gefe ɗaya na fistin da ke jikin rak, matsin man ya tura tayoyin. Iya ƙarfin da direba ya sa, iya yadda bawul ke buɗewa. Idan aka kai sitiyari ƙarshe aka riƙe shi, matsin kan kai wajen ba 80 zuwa 100, wato ya ninka iskar tayar ƙaramar mota fiye da sau talatin. A nan ne ake jin famfo na ƙugi, kuma man yana zafi da sauri, don haka littattafan motoci ke hana riƙe sitiyari a ƙarshe fiye da 'yan daƙiƙoƙi.

Ɗaukar matsi ɗaya ne kawai daga cikin ayyukan man. A cikin famfon akwai ƙananan faifan ƙarfe da ke gogar bango sau dubbai a minti, kuma ba abin da ke tsakaninsu da bangon sai ɗan siririn mai. Man ne kuma ke kwashe zafi, shi ne ke jiƙa robobin da ke hana yoyo don kada su bushe su tsage. Saboda haka abu uku ne ke bambanta wani man sitiyari da wani. Akwai kaurinsa lokacin sanyi da lokacin zafi. Akwai sinadaran da aka haɗa masa don hana cin ƙarfe da hana kumfa. Sannan akwai yadda yake zama da irin robar da aka yi sil da ita, domin man da ya dace da wata roba yana iya kumbura wata ko ya sa ta ƙanƙance. Injiniyan da ya tsara famfo da rak ya zaɓi robobinsa ne da wani mai a ransa, kuma sunan wannan man ne ake rubutawa a murfin kofi ko a littafin mota.

Man da ake samu a kasuwa

Wanda aka fi sani shi ne jan man giya na motoci masu canja giya da kansu, wanda ake rubuta wa ATF a jikin gora. Mutane da yawa suna ɗaukar zuba shi a sitiyari dabara ce ta makanikai, amma a motoci da dama shi kamfani ya umarta. Littafin Corolla ta 2003 zuwa 2008 ta Amurka, da na Camry kafin 2012, da na Hilux da Hiace masu famfo, duk suna cewa a zuba ATF nau'in Dexron II ko Dexron III. Ga waɗannan motoci ba a buƙatar neman wani mai na musamman mai tsada. Sai dai ba kowane ATF ne Dexron III ba. Man giya na Toyota da ake kira WS ya fi shi tsinkewa, an yi shi ne don sababbin akwatunan giya, kuma ba shi littafin ya ambata wa sitiyari ba. Man giyar CVT kuwa wani abu ne dabam gaba ɗaya. Kamfanin General Motors, mai sunan Dexron, ya daina ba da lasisin Dexron III tun ƙarshen 2006, don haka abin da ke kasuwa yanzu mai ne da masu yinsa ke cewa ya yi daidai da shi. Wannan ya sa sunan kamfanin da ya yi man da sahihancin shagon da aka saya suka fi rubutun gaban gora muhimmanci.

Honda ta bi nata tafarkin. Motocinta masu famfo suna shan man da ta tsara wa kanta, Honda PSF, mai launin ruwan zuma wanda ya fi ATF kauri idan ya ɗau zafi. Littafinta ya gargaɗi masu mota a kan zuba ATF ko man wani kamfani, ya kuma ce idan larura ta sa an zuba wani, a wanke a mayar da na ainihi da wuri. Akwai kamfanonin mai da ke yin wanda aka rubuta wa cewa na Honda da Acura ne, kuma shi ne madadin da ya fi kusa. Nissan da Hyundai su ma suna da nasu masu ɗauke da haruffan PSF, na Hyundai har da lamba, PSF-3 da PSF-4.

Motocin Turai da yawa suna shan koren mai. Mafi shahara shi ne CHF 11S na Pentosin, man haɗi ne da aka tsara don ya yi aiki daga sanyin digiri 40 ƙasa da sifili har zafin digiri 130. Volkswagen tana kiran nata G 002 000, daga baya G 004 000, kuma shi ne na Golf 3 da Golf 4 da suka daɗe suna jigila a hanyoyin Arewa. A BMW akan sami motoci biyu masu kama da juna, ɗaya murfinta ya ce ATF, ɗayar ya ce CHF 11S, kuma rubutun murfin ake bi.

Launi rini ne kawai, bai kamata a yanke hukunci da shi ba. Man da ake zubo wa Toyota daga masana'anta sau da yawa ba ja ba ne, ruwan zuma ne, ko da yake jan ATF ne ake ƙara mata. Kore ma ba ɗaya ba ne: akwai tsohon CHF 7.1 da ba a haɗa shi da CHF 11S, akwai kuma LHM na tsofaffin Citroën, dukansu kore. Bayan shekara biyar a cikin mota kuwa, ja da kore da ruwan zuma duk sun koma ruwan ƙasa. Wanda ya leƙa kofin motar da ya saya hannu na uku, abin da zai gani shi ne zaɓin makaniken da ya zuba na ƙarshe, wanda ba lallai ya zama abin da motar ke buƙata ba.

Akwai kuma gorunan da ake rubuta wa cewa sun dace da kowace mota. A juya bayan gorar a karanta jerin ƙa'idojin da ta ce ta cika. Idan na motar yana ciki, to. Idan babu, kalmar da ke gaban gorar talla ce. Man da ake aunawa a robar ruwan sha a bakin titi ba shi da bayan da za a karanta.

Famfo mai injin lantarki

Iri na uku ya bazu a motocin ƙarshen shekarun 1990 zuwa bayan 2010: Peugeot 307, Opel Astra G, Volkswagen Polo ta 2002, Mazda 3 ta farko da ta biyu, da Nissan Altima ta 2013. Rak ɗinsu da bawul ɗinsu irin na tsohon tsari ne. Abin da ya canja shi ne famfon, wanda yanzu injin lantarki ke juyawa, wata ƙaramar kwamfuta kuma tana ƙara masa gudu ko ta rage gwargwadon gudun mota da saurin juya sitiyari. Ribar ita ce injin mota ba ya wahalar juya famfo a kan miƙaƙƙen titi inda ba a buƙatarsa.

Wannan tsari ya fi na bel tsantseni a kan mai, kuma dalilin a fili yake. Injin mota mai ƙarfin doki ɗari bai damu ba ko man ya ɗan yi kauri, zai juya famfon ko ta yaya. Injin lantarkin da bai kai ƙarfin doki biyu ba kuwa yana jin bambancin, kuma yana biyansa da jan wuta. A zafin digiri 100, CHF 11S da Dexron III sun kusa zama ɗaya a kauri, wajen 6 da 7 a ma'aunin santistok. Amma a digiri 40 na farkon yana wajen 19, na biyun yana wajen 35, kusan ninki biyu. Ma'ana, ko a ƙasa mai zafi irin ta Sahel, famfon da aka tsara wa koren mai yana fama da kaurin da ba a yi masa lissafinsa ba duk safiya har man ya ɗumama. Wutar da yake ja ta ƙaru, ya ɗau zafi, kwamfutar ta rage taimako ko ta kashe shi don kare kanta, sitiyari ya yi tauri a tsakiyar kwana. Hujjar da ake yawan ji a gareji, cewa koren mai na ƙasashen ƙanƙara ne don haka ja ya isa a nan, tana da ɗan ƙamshin gaskiya a famfon bel, amma ba ta tsaya da ƙafarta a famfon lantarki ba.

Duk da haka babu wani mai guda da ake kira man sitiyarin lantarki. Polo tana shan koren man Volkswagen. Peugeot 307 tana shan Fluide DA na Total. Nissan ta fitar da E-PSF don famfonta na lantarki, ta kuma bambanta shi da PSF ɗinta na da. Mazda 3 kuwa, duk da famfon lantarkinta, man giya na ATF littafinta ya ambata. Wato a nan ma kamfanin da ya tsara famfon ne ke yanke hukunci.

Datti ma ya fi yi wa wannan famfo illa. A 2010 Mazda ta kira motocin Mazda 3 da Mazda 5 na 2007 zuwa 2009 a Amurka domin gyara, saboda tsatsa daga cikin bututun mai tana shiga famfon ta sa ya tsaya. Idan ɓarɓashin tsatsa zai iya haka, ƙurar hunturu da ta shiga ta mazurari mai datti ko ta murfin da ya ɓace aka toshe da leda ba za ta yi ƙasa da shi ba. Kuma famfon, injinsa da kwamfutarsa yawanci a ƙunshi ɗaya suke, idan ɗaya ya mutu duka ake saya.

Accord mai kuka da safe

Misalin da ya fi nuna yadda ake rikita matsalar mai da wata matsalar shi ne Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda 'yan Najeriya suka laƙaba wa samfurinta na 2003 zuwa 2005 EOD. A ɗauka ga ɗaya ta 2005. Da sanyin safiya, da an tayar da ita sai a ji wani siririn kuka daga gefen famfo, yana ƙaruwa idan an juya sitiyari, bayan minti goma ya ragu ko ya ɓace. An kai ta gareji, an ga man ya ɗan yi ƙasa, an cika da jan ATF. Kukan bai daina ba, sai aka ce famfo ya mutu, a je Ƙofar Ruwa ko Panteka a nemo wani.

Kafin a sayi komai, a buɗe murfin kofin injin yana aiki, a haska ciki. Idan man yana kumfa ko cike yake da ƙananan ƙwayoyin iska, famfon yana zuƙar iska ne, kuma iskar ce ke kuka. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, don haka duk ƙwayar iskar da ta shiga famfo tana fashewa a ƙarƙashin matsi, ta yi ƙara, ta kuma riƙa cin ƙarfe a hankali. A wannan mota mashigar iskar sananniya ce, har kamfanin ya fitar wa makanikansa sanarwa a kai. Inda tiyon da ya fito daga kofi ya shiga famfo akwai wata 'yar zoben roba da ƙusa ɗaya ke riƙe da mazauninta. Idan ta tsufa sai ta taurare, sanyi ya sa ta ƙanƙance, iska ta riƙa shiga. Da yake gefen zuƙa ne ba gefen turawa ba, sau da yawa ba a ganin ɗigon mai a wurin, shi ya sa ido ke tsallake shi. Idan injin ya ɗumama robar ta ɗan buɗe, kukan ya lafa. Zoben ba ya kai kuɗin gorar mai ɗaya, kuma canja shi aikin minti goma sha biyar ne.

Abu na biyu da za a duba shi ne gindin kofin. Akwai rariya mai laushi a ciki wadda baƙin datti ke toshewa da shekaru. Idan ta toshe, famfo ba ya samun isasshen mai, ya yi irin wannan kukan ko da zoben sabo ne. Rariyar a manne take, don haka canja kofin ya fi sauƙi a kan ƙoƙarin wanke shi.

Sannan a fitar da jan man. ATF ɗin ba shi ne ya haddasa kukan ba, amma ba mazauninsa ba ne, kuma barinsa na jawo cin famfo da tsiyayar sil a hankali. Duka tsarin yana ɗaukar kimanin lita ɗaya, kofin kuma ƙasa da rabin wannan, don haka zuƙe na kofi kawai a cika da sabo yana barin fiye da rabin tsohon a cikin rak da tiyo. Wankewa ta gaskiya tana buƙatar kusan lita biyu. A ɗaga gaban motar da jak har tayoyi su bar ƙasa, a tokare ta sosai. A zuƙe man kofi. A cire siririn tiyon da ke dawo da mai, a sa bakinsa a cikin gora, a toshe bakin da ya bari a jikin kofin. A cika kofin da man Honda. Injin a kashe, mabuɗi a buɗe don sitiyari ya saki, mutum ɗaya ya riƙa juya sitiyari a hankali daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama, ɗayan yana ƙara mai kada kofin ya bushe. Fistin rak ne ke turo tsohon man cikin gora. Idan abin da ke fitowa ya koma launin sabo, a mayar da tiyon, a cika zuwa alama, a ƙara juya sitiyarin ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau goma sha biyar don iska ta fita. Sai a tayar da injin, a sake juyawa ba tare da riƙewa a ƙarshe ba, a kashe, a duba alama. Idan man ya yi kumfa, a bar shi ya kwanta rabin awa a maimaita.

Idan bayan wannan kukan ya tsaya, famfon lafiyarsa lau. Idan man ya yi garau babu kumfa amma ƙugin na nan da zafi da sanyi, sitiyari yana tauri idan mota na tsaye kuma yana sauƙi idan an taka totur, a nan ne zargi ya koma kan famfo. Ƙyalƙyalin garin ƙarfe a cikin tsohon man yana ƙara tabbatar da hakan. Ƙara mai kaifi da ke zuwa kawai idan an kai sitiyari ƙarshe kuwa yawanci bel ne ke sulɓewa. Kuma idan man yana raguwa ba a ganin ɗigo a ƙasa, a matsa robobin da ke rufe ƙarshen rak biyu: idan suna cike da mai, sil ɗin rak ne ya tafi. Maganin toshe yoyo da ake sayarwa a gora yana kumbura roba ne kawai, yana iya jinkirta gyara na 'yan makonni, amma yana taɓa duk robobin tsarin har da masu lafiya.

Yawancin kamfanoni ba su sa wa man sitiyari ranar canji ba, sun ce a riƙa dubawa. A wurin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, kuma mota na yini a cunkoso ana murza sitiyari, man da ya yi baƙi ko yake warin ƙuna ya gama aikinsa ko littafi bai faɗa ba. Idan tiyo ya fashe a hanya kuma ba a sami man da ya dace ba, ATF mai tsabta ya fi barin famfo ya juya a bushe, domin famfo busasshe yana lalacewa cikin mintuna; sai a wanke da an isa gari. Man birki kam ba ya shiga kofin sitiyari ko a wane hali, domin ba daga fetur aka samo shi ba kuma yana lalata robobin.

Sitiyarin da ba ya shan mai

A sitiyarin lantarki zalla, wata na'ura a jikin sandar sitiyari tana auna ƙarfin da direba ya sa, kwamfuta ta haɗa wannan da gudun motar, ta umarci injin lantarki ya taya juyawa. A ƙananan motoci irin Corolla injin yana jikin sandar, a ƙarƙashin dashbod. A manya yana jikin rak. Abin da ke ciki na shafawa giris ne da aka sa tun daga masana'anta aka rufe. Ba a ƙara shi a sabis, abin da ake kula da shi shi ne robobin ƙarshen rak, domin idan suka yage ruwan damina da yashi za su shiga su cinye haƙoran.

Idan irin wannan sitiyari ya yi tauri, ko fitilarsa ta kama a dashbod, mai hoton sitiyari da alamar motsin rai ko mai haruffan EPS ko P/S, wuta ake fara tuhuma. Injin yana iya jan amfiya 60 ko fiye idan ana juya tayoyi mota na tsaye, don haka batir mai rauni, kan batir mai tsatsa ko altaneta da ba ta caji sosai sun isa su sa kwamfutar ta janye taimako. Batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 injin a kashe, da 13.5 zuwa 14.5 injin yana aiki. Bayan wannan sai babban fiyus, sai iskar tayoyin gaba, sai a sa na'urar bincike ta karanto abin da kwamfutar ta rubuta. Wanda ya daɗe yana murza sitiyari a tsaye, kamar mai koyon fakin, zai iya jin ya yi nauyi na ɗan lokaci. Injin ne ya ɗau zafi, kuma yana dawowa idan ya huce. A wasu motocin Hyundai da Kia, ƙwas-ƙwas ɗin da ake ji a sitiyari wata 'yar roba ce tsakanin injin da giyarsa da ke murƙushewa, ana canja ta ita kaɗai.

Haɗarin da ya fi girma a waɗannan motoci yana zuwa ne daga wanda ya saba da tsohon tsari. Sitiyari ya yi tauri, ya sayo jan mai, ya buɗe bonet yana neman inda zai zuba, kuma kofin da ya fi kama da wanda ya sani shi ne na birki, wanda ke manne a bayan injin ta gefen direba, murfinsa ɗauke da DOT 3 ko DOT 4. Robobin birki an yi su ne don man birki, kuma man da aka samo daga fetur yana kumbura su cikin kwanaki kaɗan, birki ya riƙe tayoyi ko feda ta nutse ƙasa. Idan an gane kuskuren nan take kafin a taka birki, kada a motsa motar: a cire kofin da babban silindan birki a wanke ko a canja, domin man yana iya tsayawa a nan. Idan an riga an yi tafiya da ita, zubar da man kawai bai wadatar ba, sai an canja duk abin da ke da roba a layin birkin, daga babban silinda da tiyoyin roba har zuwa sil ɗin kowace ƙafa, a wanke bututun ƙarfe, a kuma duba na'urar ABS idan motar tana da ita.